NaBH4 ko LiAlH4 idan kiton da esta suna tare

"Ina da ethyl acetoacetate, kiton kaɗai nake so ya koma alkohol. Wanne zan zuba, NaBH4 ko LiAlH4?"

NaBH4 za ka ɗauka, a cikin metanol, ka sanyaya tukunyar da ƙanƙara zuwa 0 °C. Kabon ɗin kiton ya fi na esta ƙishirwar lantarki, domin oksijin ta OEt, wato ɓangaren etoksi na estar, tana tura wa na esta lantarki. Shi ya sa NaBH4, da yake mai sanyin hali ne, zai kama kiton ya ba ka ethyl 3-hydroxybutanoate, esta kuwa ya bar ta. Amma kada ka bar shi ya kwana da ɗumi, a hankali zai fara lasar estar.

LiAlH4 ba ya zaɓe. Zai cinye duka biyun ka tashi da 1,3-butanediol, tunda aldehaid ɗin da ke fitowa daga esta ya fi ta saurin karɓar haidirad na biyu. Kuma a busasshen THF, wani sinadarin narkarwa, ake aiki da shi, ɗigon ruwa kaɗan sai ka ga kumfar H2, har wuta tana iya tashi.

In wata rana aldehaid kake nema daga esta, DIBAL-H ne, ma'auni ɗaya, a −78 °C. Ni dai ba na cika yarda da shi, da zafi ya ɗan hau sai alkohol.