Fom na rufewa da "Session expired" kafin a gama

Tambaya: "Ina cike fom ɗin rajistar jarrabawa a kafe a Kawo, na kai shafi na huɗu sai ya ce Session expired, komai ya goge. Me ya jawo haka?"

Ɗan'uwa, da ka shiga da lambar sirri, sabar shafin, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, kan ba burauzarka wata shaida mai wa'adi, galibi minti 15 zuwa 30. Agogon ba ya ganin rubutun da kake yi a akwatunan fom. Sai ka danna Save ko Next saƙo ke isa sabar, wa'adin ya sabunta. Idan ka yi minti 25 kana neman lambar NIN da rage girman hoto, a wurin sabar tamkar ka tashi ka tafi ne, sai ta rufe don kada na bayanka a kafe ya tarar da asusunka a buɗe.

Saboda haka ka gama shiri kafin ka shiga. Rubuta sunaye, ranar haihuwa, NIN da darussa a Notepad, ka riƙa kwafowa. Hoton fasfo kuwa, rage shi tun farko zuwa girman da shafin ya nema, nan ne aka fi cin lokaci. Duk shafin da ka cike, adana shi nan take.

Idan kuma cikin minti biyu yake korarka, ba wa'adi ba ne. Duba ko burauzar ta toshe kukis, wato ƙananan bayanan da shafin ke ajiyewa a burauzar don ya gane ka, ko an buɗe asusun a wata na'ura. Wasu shafukan ma kan kore ka idan layin intanet ya sauya daga Wi-Fi zuwa data.

In ya katse bayan ka biya kuɗi, kada ka sake biya. Sake shiga, ka duba matsayin biyan da lambar rasit ɗinka.