Wasiƙar imel da ke rakiyar takardar tayin aiki

Maigida, na kammala takardar tayin aikin da za mu aika wa kamfanin nan mai rarraba shinkafa da man girki a Asawase ta Kumasi, ƙasar Gana, shafi goma sha huɗu. Me zan rubuta a cikin imel ɗin da zai raka ta, tunda komai yana cikin takardar?

Ɗana, Alhajin da zai yanke hukunci a waya zai ga saƙonka, wataƙila yana tsaye a bakin sito ana sauke kaya, kuma da wuya ya buɗe shafi goma sha huɗu a wannan hali. Abin da zai yi shi ne ya karanta layukan da ke gabansa, sannan ya tura wa akawunsa. Saboda haka ka rubuta ta yadda wanda bai halarci zamanku ba zai fahimci tayin ko da bai taɓa fayil ɗin ba.

A layin take ka sa sunan aikin da sunan kamfanin. Bayan sallama da gaisuwa ta layi ɗaya, ko da Turanci za ka rubuta, ga abin da nake so ya fito:

"Kamar yadda muka tattauna ranar Talata, ga tayinmu na gyara lissafin kayan sitonku biyu, domin abin da ke littafi ya daidaita da abin da ke ƙasa. Aikin zai ɗauki mako shida, a kan sidi 18,000, rabi kafin a fara, rabi bayan mun miƙa rahoto. Wannan farashi yana nan har kwana 30. Idan kun amince, ku amsa wannan saƙo domin mu tsayar da ranar farawa."

Ka lura ban ambaci tarihin ofishinmu ba, domin wurinsa yana cikin takardar.

Batun kuɗin ne ya fi bukatar natsuwa. A Gana, kamfanin da doka ta ɗora wa cire haraji tun daga tushe yakan riƙe kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin aiki irin namu ya miƙa wa hukumar haraji, wato a kan sidi 18,000 za a riƙe 1,350, mu karɓi 16,650. Don haka ka ƙara jimla ɗaya da ke bayyana cewa 18,000 ɗin kafin cire harajin ne, kuma muna bukatar takardar shaidar cirewar, in ba haka ba za a yi jayayya ranar biya. Sannan ka gwada kowace lamba da ke imel da ta cikin takardar, domin idan ka sauya farashi a wuri ɗaya ka manta ɗayan, mai saye zai riƙe mafi ƙanƙanta, kuma yana da hujja a rubuce.

Kada ka yi alkawarin abin da takardar ba ta ƙunsa ba, kamar horar da ma'aikatansu. Ka mayar da takardar zuwa PDF, ka liƙa ta kafin ka rubuta adireshin mai karɓa, ka fara aika wa kanka ka buɗe a waya, sannan ka kawo mini in duba kafin ta tafi.