Ina da cikin wata biyar, kuka nake yi kullum, kuma tsoron faɗa wa ungozoma nake ji

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ina zaune a ƙasar waje da mijina, cikina na fari ya kai sati 22. Kusan sati shida ke nan ba ni da walwala. Kuka ba dalili, faɗuwar gaba, in na farka cikin dare barci ya tafi ke nan. Ko kayan jariri ba na son kallo. Aikin dare nake yi, kuma takardun zamana a kan na mijina suke. Mama ta ce laulayi ne, in yi haƙuri. A wurin awo an tambaye ni ya nake ji, na ce lafiya lau, don an ce in ka faɗa sai su rubuta kana da taɓin hankali, su karɓe jaririn ko su ɓata maka takardu. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, sannu, Allah Ya raba lafiya. Ki koma wurin ungozomar nan ki canza amsar da kika ba ta, kuma kada ki jira ranar awo ta gaba. Ki kira su a cikin satin nan. Ga dalilina.

Mama ba ta yi ƙarya ba, ciki yana juya mace. Sinadaran jiki suna hauhawa sosai, barci ya lalace, ga tashin zuciya, ga tunanin naƙuda. Shi ya sa za ki ga mai ciki ta yi fushi da safe a kan abin da bai kai ya kawo ba, da azahar tana dariya, da dare tana hawaye. Wannan yana zuwa ya wuce, kuma a tsakani mace tana nan yadda aka san ta, tana jin daɗin hira, tana ɗokin abin da ke tafe. Abin da ma'aikatan lafiya ke dubawa don su raba wannan da ciwon damuwa shi ne daɗewa da nauyi. Idan ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya zauna kusan kullum, yawancin yini, har sati biyu ko fiye, kuma ya fara taɓa barci da aiki da zaman gida, to ya wuce laulayi. Ke kin ninka wannan wa'adi sau uku. A cikin wasiƙarki ma ba kukan ne ya fi tsaya mini a rai ba, maganar kayan jariri ce. Mai laulayi takan yi kuka ta share hawaye ta ci gaba da ninke 'yan riguna. Wadda sha'awar abin ta fita daga ranta gaba ɗaya, wani abu ne daban ke damunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin goma masu juna biyu na fama da irin wannan, galibi ciwon damuwa, don haka ungozomarki ta saba jin wannan magana, ba za ta zaro ido ba.

Bari in faɗa miki abin da zai faru a ɗakin, don abin da mutum bai sani ba shi ya fi ba shi tsoro. Yawanci za ta fara da tambaya biyu: a cikin watan da ya wuce, kin yawaita jin ƙunci ko yanke ƙauna? Kin daina jin daɗin abubuwan da kika saba yi? In kin ce e, a wurare da yawa sai a miƙo miki takarda mai tambayoyi goma, wadda aka fitar a 1987, ana kiranta ma'aunin Edinburgh ko EPDS. Tana tambaya ne a kan kwana bakwai da suka wuce kawai, kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30. Ba ta tambayar gajiya ko cin abinci, kuma da gangan ne, saboda ciki kansa yana kawo waɗannan ga mace mai lafiya lau. Abin da take nema shi ne ko kina iya dariya, ko kina ɗokin wani abu, ko kina ɗora wa kanki laifi, ko tsoro na kama ki ba dalili.

Mu gwada da abin da kika rubuto. In kuka kusan kullum ne, maki 3 ke nan. Baƙin ciki yawancin lokaci, wani 3. Rashin barci saboda ɓacin rai, a ce 2. Fargaba da faɗuwar gaba tambaya biyu ne, a ce 2 da 2. Rashin ɗokin komai, 2. Kin ga mun kai 14 da tambaya shida, saura huɗu ba mu taɓa ba. A mafi yawan wurare, 13 zuwa sama na nufin a tura mace a duba ta sosai. Makin ba shi ne hukunci ba, likita ne zai zauna da ke ya tantance. Tambaya ta goma kuwa, wadda ke cewa ko tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ana duba ta daban, a karan kanta. Ko jimlar ta yi ƙasa, in amsarta ba "sam" ba ce, za su yi magana da ke a ranar. Ki amsa ta da gaskiya.

Ki nemi a duba jininki ma. Ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga masu ciki, kuma yana kawo kasala da bugun zuciya da haki, har mace ta ɗauka fargaba ce. Haka halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, in aikinta ya yi yawa ko ya yi kaɗan, tana rikita barci da yanayin rai. Gwajin jini ne mai sauƙi. Kuma ki faɗa musu ko an taɓa yi miki maganin damuwa, ko akwai wata a danginku, musamman uwa ko 'yar'uwa, da hankalinta ya taɓa gushewa bayan haihuwa. Wannan bayani yana canza irin shirin da za su yi miki.

To, sai batun karɓe jariri, wanda na san shi ne ya rufe miki baki. Maganar nan tana yawo sosai a tsakaninmu, daga waya zuwa waya, kowa ya ce "an ce", ba mai cewa ga takardar. Hukumomin kula da yara suna shiga ne idan akwai alamar yaro na cikin haɗari, kamar duka ko sakaci mai tsanani ko shaye-shaye. Matar da ta zo da ƙafarta ta ce ba ni da lafiya, ku taimaka mini, a idonsu uwa ce mai kula. Wadda ke jawo tambayoyi ita ce wadda ta ɓoye har abin ya ci ƙarfinta, ta daina zuwa awo, aka neme ta aka rasa. Takardun zama kuma sharuɗɗansu daban ne, aure da aiki da kuɗin shiga da wa'adi, kuma ma'aikatan lafiya suna ƙarƙashin dokar riƙe sirrin marar lafiya. Kina da haƙƙin ki tambaye ta tun kafin ki ce komai: "Wa zai ga abin da za ki rubuta, kuma a wane hali ne za ki faɗa wa wani?" Za ta ba ki amsa. Idan kuma wa'adin takardun ne da kansa ke hana ki barci, wannan aikin lauyan shige da fice ne mai rajista, ku je ke da maigidan ku ji inda kuka tsaya. Sau da yawa rabin fargabar a nan take kwance.

In harshen ƙasar bai zauna miki ba, ki nemi tafinta na asibiti, kada maigida ya yi miki fassara ko da mutumin kirki ne. Akwai abin da mace ba ta iya furtawa ta bakin mijinta. Idan kuma akwai tsangwama ko duka a gida, ko ana yi miki barazana da takardu, ki nemi ganin ungozoma ke kaɗai ki faɗa mata.

Magani hawa-hawa ne. In abin bai yi tsanani ba, da zaman tattaunawa ake farawa, da ƙwararre wanda zai koya miki kama tunanin da ke tayar da fargabar da kuma mayar da ayyukan da kika watsar ɗaya bayan ɗaya. In ya yi nauyi sai a haɗa da ƙwaya. Akwai waɗanda aka daɗe ana ba masu ciki da masu shayarwa, irin su satralin. Ba ranar da aka fara sha yake aiki ba, yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kuma kwanakin farko kan zo da tashin zuciya ko ƙarin rashin natsuwa, a nan ne mata da yawa ke yarwa su ce bai karɓe su ba. Wasu jariran kan yi 'yar karkarwa ko rigima na 'yan kwanaki bayan haihuwa, shi ya sa ake sa musu ido. Barin ciwon ba magani shi ma yana da nasa haɗarin, don an danganta shi da haihuwar bakwaini da ƙaramin jariri, kuma damuwar lokacin ciki na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo ta bayan haihuwa. Duk wadda ke karanta wannan tana kan magani tun kafin ciki, kada ta daina shi farat ɗaya don ta ga ciki, ta ga likita tukuna. Kuma kada a sha maganin da aka aiko ko aka saya ba tare da likita ya gani ba, ko da an ce na ganye ne.

Aikin dare kuwa, a ganina yana ƙara wa wutar fetur. Ki roƙi likita takardar da ke cewa lafiyarki na buƙatar a mayar da ke aikin rana. A ƙasashe da yawa doka ta ɗora wa mai aiki duba lafiyar mai ciki, kuma ba sai an rubuta masa sunan ciwon ba. Mama kuma ki ce mata likita ya duba ki, ya ce akwai abin da ake magancewa, kina son addu'arta da kiranta a kai a kai. Ba sai kun yi gardamar sunan abin ba.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Tunanin kashe kai ko jin cewa gara ba kya raye, jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani, kwana biyu ko uku ba barci kuma ba kya jin gajiya, ruɗewa, kasa ci da sha. In ɗaya ya faru, sashen gaggawa za ki nufa a ranar, wani ya raka ki. Haka in haki ya zo miki kwatsam da ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, kada ki ce fargabar nan ce, don ciki na ƙara haɗarin daskarewar jini. Haka ma idan motsin jariri ya ragu bayan kin saba da shi. Ki karanta wa maigida wannan sakin layi, ku ajiye lambar ɗakin haihuwa da ta gaggawa a wayoyinku duka biyu.

Kafin ki shiga wata tara, ki nemi a rubuta shirin bayan haihuwa a katinki: wa zai riƙe jariri ki samu barcin awa huɗu ko biyar a jere, wa zai zo duba ki a gida, da yaushe za a sake cike takardar tambayoyin nan. Kukan da yawancin mata ke yi daga kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa yakan wuce kafin sati biyu. In naki ya zarce haka, ki kira su.