Sefa dubu 150 don injin bincike ya riƙa ƙara kalmomi: in biya?

Tambaya: Malam, ni ke riƙe da ma'ajiyar rubutun shirye-shirye a wani ƙaramin gidan rediyo a Garwa, takardu kusan dubu huɗu na Hausa da Faransanci. In na nemi "tsutsar auduga", kaɗan ke fitowa, alhali na san suna da yawa. Wanda ya haɗa mana injin ya ce in ba shi sefa dubu 150 ya sa masa RM3, wai zai riƙa ƙara kalmomi da kansa. In biya?

Amsa: Malam, kada ka biya shi duka sai an yi gwaji a gabanka. Dabarar tsohuwa ce kuma tana aiki. Asalinta daga aikin wani masani ne mai suna Rocchio, a 1971, shi kuma RM3 ya tsiro daga aikin masana Lavrenko da Croft na 2001. Amma tana da hali ɗaya da ya kamata ka sani tukuna.

Injin yana yin bincike sau biyu. A karon farko zai nemi kalmominka kamar kullum, ya ɗebi takardu goma na sama, ya ɗauka cewa duk su kake nema, ba tare da ya tambaye ka ba. Daga cikinsu zai tsamo kalmomi goma mafiya nauyi, ya haɗa da naka, ya sake nema. A wata manhajar bincike mai suna Anserini, saitin da ake farawa da shi ke nan:

```
-rm3 -rm3.fbDocs 10 -rm3.fbTerms 10 -rm3.originalQueryWeight 0.5
```

Wannan 0.5 na nufin rabin nauyi na kalmominka ne, sauran rabin a raba wa waɗanda aka tsamo.

A kan tsutsar auduga zai yi maka rana. In takardun sama suna cike da "feshi", "ƙwari", "ganye" da "magani", shirin da mai gabatarwa ya yi ta cewa "ƙwarin gona" bai ambaci tsutsa ba ko sau ɗaya zai taso. Mu ce ka san akwai shirye-shirye 20 a kan batun, da can 8 ke fitowa a cikin hamsin na farko, yanzu 13. Daga kashi 40 cikin ɗari ka koma 65. Abin da kake saye ke nan.

To amma ka rubuta "gara", kana nufin wadda ke cin rumbu da kara. Ma'ajiyar rediyo ba ta rasa shirin mata a kan biki, kuma a rubuce garar amarya da garar rumbu ba su da bambanci. In bakwai cikin goman sama na biki ne, injin zai ƙaro "amarya", "buhu", "alkaki", "dangin ango". A karo na biyu ukun nan na noma da ka samu da farko ma sai su nutse ƙasa. Tun ran gini tun ran zane: in goman farko sun karkace, na biyu ya fi karkacewa. Alamar ita ce shafin farko ya cika da batu guda wanda ba shi ka nema ba. Shi ya sa nake cewa ka sa a nuna maka kalmomin da aka ƙara a gefen allo, da maɓallin kashewa. In wanda ya haɗa maka injin ya ce ba zai yiwu ba, ban yarda da shi ba.

Kada kuma ka sa rai zai kawo maka na Faransanci. Ba fassara yake yi ba. Kalmar Faransanci ba za ta shiga ba sai in tana cikin goman sama, wato sai a takardar da aka gauraya harsunan biyu.

Kafin ma a zo nan, ina zargin rabin ciwonka na haruffa ne. Wani ya buga "ƙwari", wani "kwari", wani "k'wari", injin kuwa kalmomi uku yake gani. Wasu manhajojin ma suna zubar da duk kalmar da ke da ƙ, ɗ ko ɓ lokacin tsamo ƙarin kalmomi. Haka nan in ba a ba shi jerin irin su "da", "na", "kuma", "masu sauraro" ya tsallake ba, su za su cinye gurbi goman. Gyaran nan ya fi araha, a fara da shi.

Sannan gwajin. Rubuta tambayoyi talatin da ma'aikatanku ke nema da gaske, ka sa masu harshen damo irin "gara" guda biyar. Kowace a nema da RM3 a kashe, a sake a kunne, ka ƙirga na daidai a goman farko da kuma a hamsin. Kada ka karɓi matsakaici kaɗai, domin yakan hau alhali wasu tambayoyin sun lalace sarai. Ƙirga nawa suka gyaru, nawa suka ɓaci. In ɓatattun sun yi yawa, a rage takardun zuwa biyar, a ɗaga 0.5 zuwa 0.7, a sake. Jinkirin bincike biyu ba zai dame ka ba a takardu dubu huɗu.

Ka ba wanda ya haɗa injin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don gyaran haruffa da gwajin, ragowar sai ka ga takardar ƙirgen da idonka.