Kallo da yawa, amma ina ribar?

"Na biya kuɗin tallan bidiyo, an nuna mini VTR da CPV. Yaya zan gane ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?"

VTR shi ne kason kallon da tallan ya samu cikin adadin bayyanarsa, CPV kuwa kuɗin da kowane kallo ya ci maka. Fara da sanin abin da dandalin yake kira kallo. A YouTube, tallan da ake iya tsallakewa ana ƙirga shi ne idan mutum ya kai daƙiƙa 30, ko ƙarshen bidiyon in bai kai haka ba, ko ya latsa shi. ThruPlay kuwa, wato ma'aunin kallo na Meta mai Facebook da Instagram, daƙiƙa 15 ne. Saboda haka kada ka gwada alƙaluman dandali biyu kai tsaye.

Mu ce ka kashe 6,000, ko da wane kuɗi kake biya. Tallan ya bayyana sau 10,000, aka kalla sau 3,000. Raba kallo da bayyana, VTR ɗinka kashi 30 cikin 100 ke nan. Raba kuɗi da kallo, CPV ya zama 2.

Amma duk wannan bai nuna riba ba. Mutum nawa suka saya? In goma ne, sai an yi kallo 300 kafin ciniki ɗaya, wato kowane mai saye ya ci maka 600. In ribarka a ciniki ɗaya 900 ce, ka tsira da 300, kuma za ka iya jure CPV har 3. In 500 ce, asara kake yi, komai kyan VTR.

Ni dai kallo mai arha ba ya burge ni. Sau da yawa yara ne riƙe da wayar iyayensu, ko an bar bidiyo yana tafiya ba kowa a wurin. Duba rahoton inda tallan ya bayyana, ka cire tashoshin da ke cin kuɗi ba ciniki.