Direba Ya Ce Mu Tara Sallolinmu Sai Mun Isa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya gafarta. Ina yawan doguwar tafiya a motar haya. Mukan tashi ƙarfe 11 na safe, mu isa wajen 9 na dare. Direba da wasu fasinjoji sukan ce matafiyi ba shi da lokaci, in mun sauka sai mu haɗa Azahar har zuwa Isha'i mu yi ƙasaru. Na sha yin haka, amma hankalina bai kwanta ba. Ina kwana uku a can, wani lokaci in dawo ta jirgin sama. Yaya sallolina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba. Rangwame biyu aka yi wa matafiyi, kuma kowanne da iyakarsa. Ƙasaru rage raka'a ne: Azahar, La'asar da Isha'i su koma biyu-biyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Haɗi kuwa a wuri biyu kawai yake, Azahar da La'asar, sai Magariba da Isha'i. La'asar ba ta haɗuwa da Magariba, Asuba ba ta haɗuwa da kowa.

Wannan fatawa ta tasha, wai matafiyi ba shi da lokaci, na gaji da jin ta. Direba ne ke ba da ita don kada a ɓata masa tafiya, sai wani fasinja da ya taɓa jin kalmar ƙasaru ya ɗaure masa gindi, mota guda ta yi shiru. A tambaye su wane malami ya faɗa, a wane littafi? Babu. Malamai sun yi saɓani a kan haɗi, har Hanafiyya ba su yarda da shi ba sai a Arafa da Muzdalifa, amma ba a samu mazhaba ɗaya da ta halatta wa matafiyi ya bar La'asar da gangan har rana ta faɗi ba. Buɗe Suratun Nisa'i. Aya ta 101 ita ce ta ƙasaru, ta 102 tana koyar da yadda ake salla ana fuskantar abokan gaba da makami a hannu, ta 103 ta ce salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Wanda ke fagen yaƙi ba a ce masa ya bari sai ƙura ta lafa ba, balle wanda ke zaune a kujerar mota. Kuma hadisin Ibn Umar a Buhari da Muslim ya ce wanda La'asar ta kuɓuce masa kamar an raba shi da iyalinsa da dukiyarsa ne. Abin haushin shi ne motar nan za ta tsaya shan mai, za ta tsaya a ci abinci, wani ya ce fitsari ya matsa masa a tsaya, amma raka'a huɗu da ba su kai minti goma ba su ne za su jawo a makara. Abin da kuke yi ƙarfe 9 na dare, game da Azahar da La'asar, ramuwa ce, ba haɗi ba.

To ga yadda tafiyarka ya kamata ta kasance. Mu ƙaddara rana tana gushewa wajen 12:30, La'asar ta shiga kusan 4, rana ta faɗi 6:30. Kun tashi kafin Azahar ta shiga, don haka sai ka ƙudurta a ranka cewa ka jinkirta ta zuwa lokacin La'asar. Haka Anas ya ruwaito daga Annabi (SAW): idan ya tashi kafin rana ta gushe, yakan jinkirta Azahar zuwa lokacin La'asar, ya sauka ya haɗa su. Ka lura, ya sauka. Tun a tasha ku yi magana da direba cewa za a tsaya tsakanin 4 da 5, kafin rana ta yi fatsi-fatsi. Ka yi iƙama, Azahar raka'a biyu, sallama, sabuwar iƙama, La'asar raka'a biyu, ba nafila a tsakani. Idan kuwa ya tsaya ƙarfe 1:30 kuma ka san ba zai sake tsayawa ba sai dare, ka jawo La'asar ka yi ta tare da Azahar a nan. Magariba kuma ka bar ta da niyya, in kun isa ka yi ta raka'a uku, ka bi ta da Isha'i biyu. Wannan kaɗai ne ɓangaren maganar direba da ya dace. Idan ya ƙi tsayawa ƙememe, rana na shirin faɗuwa, ka yi sallar a inda kake zaune gwargwadon iyawarka, da taimama in babu ruwa, in ka sauka ka sake ta don fita daga saɓani. Amma wannan halin larura ne, kada ya zama tsarin kowace tafiya.

Nisa ba matsalarka ba ce. Malikiyya, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun sa buridi huɗu, mil 48, kilomita 80 da 'yan kai, kuma ba a duba saurin abin hawa: jirgin da ya cinye wannan a minti 20 bai hana ƙasaru ba. Abin da ake yawan kuskurewa shi ne mafari. Ba daga ƙofar gida ake fara ƙasaru ba, sai an bar gine-ginen gari. Annabi (SAW) ya yi Azahar huɗu a Madina, ya yi La'asar biyu a Zul-Hulaifa. Haka a dawowa, in ka shigo garinku da sauran lokacin Isha'i ba ka yi ta ba, huɗu za ka yi.

Kwana ukun da kake yi ba su raba ka da ƙasaru ba. A wajen Imam Malik, niyyar zaman kwana huɗu cikakku ce ke yanke shi, Hanafiyya suka ce kwana 15. Sai dai in ka bi liman mazaunin gari, ka cika tare da shi. Kuma tunda ka sauka ka huta, ka yi kowace salla a lokacinta, ya fi.

Sai jirgi. Tunda har yanzu matafiyi ne kai, in zai tashi ƙarfe 2 ya sauka bayan faɗuwar rana, ka yi Azahar biyu da La'asar biyu a filin jirgi kafin a kira ku. Da a ce daga garinku za ka tashi, kuma filin yana cikin gine-ginen gari, Azahar huɗu ce. A sama, ranar da kake gani ta taga ita ce ma'auni, ba agogon garin da ka baro ba, domin mai tafiya gabas lokaci kan riske shi da wuri. Asuba ce mai wuyar sha'ani, don ba ta da abokiyar haɗi. In alfijir zai keto kuma rana ta fito kuna sama, ka tambayi ma'aikatan jirgin wurin tsayawa da sashen alƙibla, in bai samu ba ka yi ta a kujera, kana sunkuyawa don sujada fiye da ruku'u.

Waɗanda suka wuce, tunda ka riga ka sallace su a daren, ba sai ka sake ba. Abin da ya rage shi ne tuba a kan jinkirin. In akwai wadda ba ka yi ba sam, a mazhabar Malik ana rama salla yadda ta kuɓuce, ta tafiya raka'a biyu ko da kana gida. Shafi'iyya suka ce in a gida za ka rama, ka cika huɗu. Allah shi ne mafi sani.