Na'urar sanyaya iska da ruwa: alƙalumana sun ƙi daidaita

"Salamu alaikum yayyena. Na haɗa ƙaramar na'urar sanyaya iska da ruwa a matsayin furojet ɗina na darasin tafiyar zafi: akwati, fanka, jiƙaƙƙen soso da ƙaramin famfo. Ina auna yadda zafi ke sauka idan na canza gudun iska da laima. Amma jiya ya sauka digiri 9, yau digiri 5 kacal, alhali ban taɓa komai ba. Kuma in na ƙara gudun fanka sai saukar ta ragu. Ina kuskuren yake?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa na'urarka lafiyarta ƙalau. Na haɗa irinta, daga baya kuma na taya ɗalibai da dama gyara nasu, kuma kusan kowa a nan yake tuntuɓe: yana rubuta digirin da zafi ya sauka kaɗai, ya ɗauka shi ne ma'aunin aikin na'urar. Rabin wannan alƙalami na na'urarka ne, ɗaya rabin kuwa na iskar ranar ne.

Abin da ke faruwa a cikin soson shi ne ruwa yana zama tururi, kuma kowane kilo ɗaya na ruwa sai ya kwashi zafi kimanin kilojul 2,450 kafin ya bi iska. Daga jikin iskar da ke wucewa yake karɓar wannan zafin, shi ya sa take hucewa. Amma akwai iyakar da ba ta wucewa, wato zafin da ma'auni zai nuna idan ka naɗe bakinsa da jiƙaƙƙen lagwani iska tana kaɗa shi. Mu kira shi zafin jiƙaƙƙen ma'auni. Komai kaurin sosonka, iskar da ke fita ba za ta sauka ƙasa da wannan ba, muddin ruwan da ke zagayawa ne kaɗai ke sanyaya ta. Don haka abin da za ka lissafa a kowane gwaji shi ne kashi nawa na'urar ta cinye daga cikin tazarar da iskar ranar ta ba ta:

```
ε = (T1 − T2) / (T1 − Twb)
```

T1 zafin iskar da ke shiga, T2 na wadda ke fita, Twb kuma zafin jiƙaƙƙen ma'auni na iskar da ke shiga. Wannan ε shi ne ingancin na'urar.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ce iskar da ke shiga digiri 35 ce, laimarta kashi 30 cikin ɗari. In ka duba jadawalin laimar iska, jiƙaƙƙen ma'auni zai tsaya wajen 21.5, tazarar ke nan digiri 13.5. In ingancin sosonka 0.75 ne, zafi zai sauka digiri 10.1, iska ta fita a kan 24.9. Washegari zafin yana nan a 35 amma laima ta hau kashi 70. Jiƙaƙƙen ma'auni yanzu wajen 30 yake, tazarar ta koma digiri 5, na'urar nan dai da ingancinta na 0.75 ba za ta ba ka ko digiri 4 cikakku ba. Ka ga ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta ba, amma goma ta koma ƙasa da huɗu. Ka koma kan alƙalumanka na jiya da na yau. In ka rubuta laimar kowace rana, lissafa ε ɗinsu, ina kyautata zaton za ka tarar sun yi kusa da juna. In ba ka rubuta ba, to waɗannan gwaje-gwajen sai dai a sake su.

Batun fanka kuma, abin da ka gani daidai ne, haka ya kamata ya faru. In iska ta yi sauri, lokacin da take shafewa tana gogar jiƙaƙƙen soson ya ragu. Gaskiya ne saurin yana ƙara yadda zafi ke ƙetarewa tsakanin iska da ruwa, amma ƙarin bai kai na yawan iskar da kake turawa ba, don haka inganci yana sauka a hankali. Sai dai ka lura da wani abu da malamin da ke duba aikinka zai so ya gani. A ce fuskar sosonka santimita 30 ce kowane gefe, faɗinta ke nan 0.09 na murabba'in mita. A gudun mita 1 cikin sakan, da iska mai nauyin kilo 1.14 a kowace mita kubik, kana tura kimanin kilo 0.103 na iska a sakan. Idan m nauyin iskar da kake turawa a sakan ne, cp kuma zafin da kilo ɗaya na iska ke saki in ta sauka digiri ɗaya, zafin da ka cire, wato Q, shi ne:

```
Q = m × cp × (T1 − T2)
Q = 0.103 × 1.006 × 10.1 ≈ 1.05 kW
```

Yanzu ninka gudun zuwa mita 2, mu ɗauka inganci ya sauka zuwa 0.70. Zafi zai sauka digiri 9.5 maimakon 10.1, amma tunda iskar ta ninku, Q ya kusa kilowat 2. Wato iskar da ke fita ta ɗan rage sanyi, aikin sanyayawar gaba ɗaya kuwa ya kusa ninkuwa. Ka zana layuka biyu, na saukar zafi da na Q, a kan gudun iska, ɗaya yana gangarowa ɗaya yana hawa. Ni a ganina wannan zanen ya fi kowane shafi na rahoton daraja.

Akwai kuma hanyar da za ka binciki kanka da kanka, kuma ban ga dalilin da ɗalibai ke tsallake ta ba. Raba 1.05 da 2,450, za ka sami kimanin kilo 0.00043 na ruwa a sakan, wato wajen lita ɗaya da rabi a awa. Ɗora tankin a kan sikeli ko ka yi masa alama, ka bar na'urar ta yi awa guda bayan soson ya riga ya jiƙe sharkaf. In ruwan da ya ɓace ya yi kusa da abin da lissafi ya faɗa, awonka na zafi da na gudun iska duka sun samu shaida. In ya zarce sosai, ko dai tankin na yoyo ko fanka na kwasar ɗigon ruwa tana watsarwa. In ya gaza sosai, yawanci gudun iskar ka auna da yawa.

Wannan ɗigon ruwan ya taɓa ɓata mini mako guda. Na'urata ta farko ta riƙa ba ni inganci sama da 0.95 da soso siriri, na yi ta murna har na fara rubuta bayani. Ranar da na zaro ma'aunin fita don in gyara waya, sai na ga ɗan ruwa yana ƙyalli a bakinsa. Feshi ne ke jiƙa shi, ya zama jiƙaƙƙen ma'auni ba tare da na sani ba, yana karanta zafin da iskar ba ta kai ba. Na matsar da shi baya kamar tsawon hannu, na sa masa ɗan murfi ta gefen soso, alƙaluman suka dawo hankalinsu. Duk sanda ka ga inganci yana hawa yayin da kake ƙara gudun fanka, fara taɓa ma'aunin da yatsa. Soson kwali mai kama da saƙar zuma yakan fara sakin ɗigo idan gudun ya doshi mita 3 a sakan, na zare da na ciyawa kan fara tun kafin nan.

Abu na biyu da ke ruɗa awo shi ne ruwan tanki. In ka zuba sabon ruwa, zafinsa dabam ne da na jiƙaƙƙen ma'auni, kuma sai ya yi ta zagayawa kafin ya daidaita a kusa da shi. Saka ma'auni na uku a cikin tankin, kada ka rubuta komai sai karatunsa da na iskar fita sun tsaya cak na wasu mintoci. Kada ka jefa ƙanƙara don alƙaluma su yi kyau, domin da zarar ka yi haka ba ƙafewar ruwa kaɗai ke aiki ba, lissafin ε na sama ya tashi daga aiki, har yana iya wuce ɗaya. Haka nan kada ka yi gwajin a rufaffen ɗaki. A misalinmu iskar da ke fita laimarta ta kai kusan kashi 75, in ta zagayo ta sake shiga, laimar shiga za ta yi ta hawa kana tsakiyar awo. Buɗe taga, ka juya bakin fitar waje, ka kuma toshe duk wata kafa da ke gefen soson, domin iska hanya mai sauƙi take bi, za ta kewaye soson ta gauraya da sanyayyar.

Ba ka faɗi irin ma'aunin da kake amfani da shi ba. In DHT11 ne, ajiye shi, kuskurensa ya kai digiri 2 sama ko ƙasa, kuma a ranar da saukar gaba ɗaya ba ta kai digiri 4 ba, me ka auna? DHT22 ko DS18B20 suna cikin rabin digiri, sun isa. Kafin ka fara, ɗaure dukkansu wuri ɗaya a inuwa na rabin awa, ka rubuta bambancin da ke tsakaninsu, ka riƙa cire shi a lissafi. Gudun iska kuwa kada ka auna shi a tsakiya kaɗai. Raba fuskar bututun gida tara, uku sau uku, ka auna kowane gida ka ɗauki matsakaici. Zai fi kyau fanka ta zama a bayan soso tana zuƙo iska, ta fi rarraba ta daidai a kan fuskarsa, ma'aunin fita kuma ya zauna tsakanin soso da fanka don kada ɗumin injinta ya shiga karatun.

Canza laima shi ne ɓangaren da ya fi wahala. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar fanka a gudu ɗaya, ka maimaita gwajin da asuba, da tsakar rana, da kuma bayan ruwan sama, kana rubuta T1 da laima kowane lokaci. In kuwa kana son ka sarrafa ta da hannunka, haɗa akwatin gauraya iska a gaban soso ka shigar da tururin tafasasshen ruwa kaɗan kaɗan, ka auna iskar bayan ta gauraye sosai. Ka sani cewa na'urar feshin hazo mai sanyi aikinta dabam ne: tana rage T1 tana ƙara laima, amma Twb kusan ba ya motsi, tunda irin aikin sosonka take yi tun kafin iskar ta iso gare shi. Ko ta wace hanya, zana saukar zafi a kan tazarar T1 − Twb. In komai ya tafi daidai, ɗigogin za su jeru kusa da miƙaƙƙen layi mai tasowa daga sifiri, gangarensa kuma shi ne ε na wannan gudun. Gudu huɗu ko biyar tsakanin mita 0.5 da 2.5 a sakan, kowanne sau uku, sun ishe ka. Turo mana kaurin sosonka da alƙaluman laimar da ka riga ka samu, mu duba tare.